Lissafin Kuɗin Ɗinkin Tufa a Ƙaramin Shagon Tela

Lissafin kuɗin ɗinki shi ne tantance duk abin da tufa guda ta ci, tun daga sayen yadi har zuwa lokacin da aka goge ta aka miƙa wa mai ita, domin a yanke farashin da zai mayar da abin da aka kashe ya kuma bar riba. Ana gina shi a kan abubuwa huɗu, wato kayan ɗinki, ladan aiki, kuɗin tafiyar da shago, da riba. Na farko a fili yake, domin tela yana ƙirga kuɗinsa da hannunsa a wurin saye, amma na biyu da na uku ba su da rasit na kowace riga, kuma ta nan ne asara ta fi shiga. Misalin da za a bi a nan shi ne na riga mai dogon hannu da kwala, kuma lambobinsa na kwatance ne, ba a jingina su ga kuɗin wata ƙasa ba.

Yadi da ƙananan kaya

Yawan yadin da riga za ta ci ya danganta da girman mai sawa da kuma faɗin yadin kansa. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, wato ɗan sama da santimita 91, amma faɗi yana bambanta, kuma waɗanda aka fi samu su ne mai inci 45 da mai inci 60. Rigar da za ta ci yadi biyu da rabi a mai inci 45 takan fita a wajen yadi biyu idan mai inci 60 ne, saboda haka yadin da ya fi tsada a awo yana iya zama mafi araha a jikin riga. Ana kuma ƙara wani kaso saboda abin da ba zai shiga cikin rigar ba: ƙyallayen da almakashi ke zubarwa a zagayen wuya da hammata, da ɗan takurewar da yadin auduga ke yi a wankin farko, da abin da ake rasawa wajen daidaita ratsi ko zane domin su haɗu a gaba da aljihu.

A misalinmu, yadi biyu da rabi a kan 40 kowane ɗaya ya kama 100, an ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda ɓarna, ya zama 110. Zare da maɓallai da abin da ake mannawa a kwala don ta tsaya da ledar naɗewa sun ci 20. Kayan ɗinki ke nan 130.

Ladan aiki

Tela mai shagon kansa yakan ɗauka cewa duk abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya riba ce, alhali mafi yawansa ladan guminsa ne, wanda dole ya biya da wani ya ɗauka ya yi masa aikin. Hanyar raba su ita ce ya yanka wa kansa albashi na wata, sannan ya raba shi a kan sa'o'in aiki. Sai dai abin lura shi ne waɗanne sa'o'i za a ƙirga. Wanda ke buɗe shago kwana 24 a wata, sa'a 8 kullum, yana da sa'a 192 a takarda, amma ba dukkansu ake kwashewa a kan keke ko teburin yanka ba, domin akwai zuwa sayen kaya, da tattaunawa da masu kawo ɗinki, da gyaran keke idan ya fara tsallake ɗinki, da ranakun da aiki bai shigo ba. Idan sa'o'in da aka yi a kan tufafin da za a biya kuɗinsu 120 ne, su kaɗai za su ɗauki nauyin watan gaba ɗaya.

Albashin 2,400 da aka raba a kan sa'a 120 ya ba da 20 a kowace sa'a. Rigar ta ɗauki sa'a 4, an haɗa da awo da yanka da huda maɓalli da guga da gyaran da aka yi bayan gwaji, don haka ladanta 80 ne. Ba a dogara da ƙiyasi wajen wannan lokaci, ana auna shi ne da agogo a kan riguna da dama, domin tela yakan tuna lokacin da ya yi a kan keke ya manta na warware ɗinkin da ya karkace.

Kuɗin tafiyar da shago

Waɗannan su ne kuɗaɗen da ake biya ko an yi ɗinki ko ba a yi ba, da waɗanda ba za a iya ɗora wa riga ɗaya tak ba. A misalin, haya 500 ce a wata, wuta 300, sufuri da waya 200, allura da man keke da ƙananan gyare-gyare 100. Sai kuma tsufan keke, wanda aka fi mantawa da shi saboda babu mai zuwa karɓarsa a ƙarshen wata. Keken da aka saya 6,000 ana sa ran ya yi shekara 5 yana cin 100 kowane wata cikin wata 60. Jimilla 1,200, kuma idan aka raba a kan sa'a 120 za a samu 10 a sa'a, wato 40 a kan rigar. Rabawa a kan sa'a ya fi rabawa a kan yawan tufafi adalci, tun da bai kamata ɗinkin bakin ƙafar wando ya ɗauki nauyin haya daidai da kwat mai shafi ba.

Idan aka haɗa 130 da 80 da 40, rigar ta ci 250. Da an yi rabon a kan sa'a 192, da an ga lada da kuɗin shago 75 maimakon 120, giɓin 45 ke nan a kowace riga, kuma a kan riguna 30 na wata ya kai 1,350.

Riba

Riba ita ce abin da ya rage bayan an biya kowa har da telan, kuma da ita ake faɗaɗa shago da ɗaukar asarar yadin da aka ɓata. Ana auna ta ta hanya biyu da ake yawan rikitawa: a matsayin kaso na abin da aka kashe, ko a matsayin kaso na farashin sayarwa. Wanda ya ɗora kashi 20 a kan 250 zai sayar 300, amma ribar 50 a cikin 300 ba ta cika kashi 17 ba. Mai son kashi 20 na farashin sayarwa sai ya raba 250 da 0.8, ya samu 312.5, wanda daidai yake da ɗora kashi 25 a kan abin da aka kashe.

Idan mai riga ne ya kawo yadinsa, ana cire 110, saura 140, idan aka ɗora kashi 25 farashin ɗinki ya zama 175. Ribar ta ragu daga 62.5 zuwa 35, alhali haɗarin biyan yadi idan aka yi kuskuren yanka yana nan, shi ya sa wasu teloli ke ƙara kuɗi a kan yadi mai tsada ko mai santsi.

Lissafin yana da iyaka, domin ya rataya ne a kan yawan aiki. A watan da sa'o'in ɗinki suka sauko zuwa 80, albashi da kuɗin shago sukan kama 45 a sa'a, rigar ta ci 310, ribar kuma ta koma 2.5 kacal. Saboda haka ana ɗaukar matsakaicin sa'o'i na shekara guda, ba na lokacin da aiki ya yi yawa ba, kuma ana sake lissafin duk lokacin da haya ko kuɗin yadi ya tashi. Alamar da ke nuna farashi ya yi ƙasa ita ce shago yana cike da aiki, amma da kuɗin da sabon mai kawo ɗinki ya fara bayarwa ake sayen kayan ƙarasa aikin wanda ya riga shi, kuma ranar da keke ya lalace babu abin da aka ajiye don maye gurbinsa.