Ciwon kunnen yara da amoksisilin: sau biyu a rana ko sau uku?

Da hunturu ya kama a Zariya, mura ta yi yawa, sai mu fara ganin iyaye mata da yaran da suka kwana kuka suna jan kunne, jiki zafi rau, wani ma kunnen ya fara zubar da mugunya. Idan an haska kunnen aka ga dodon kunne ya yi ja ya kumburo, maganin da aka fi rubutawa shi ne amoksisilin, wanda za ki ga an rubuta Amoxicillin a jikin kwalba ko kwali. Tambayar da ta fi zuwa mini a kansa ita ce: "Malama, na maƙwabciyata sau biyu aka ce ta ba ɗanta, ni kuma aka ce sau uku. Wa aka yi wa kuskure?"

Yawanci ba wanda aka yi wa kuskure. Tsarin biyu duka ana aiki da su, kuma duka suna warkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafin kula da cututtukan ƙananan yara na 2014, ta ce a ba da sau biyu a rana na kwana 5. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2013 sau biyu ta zaɓa. Littafin magunguna na Birtaniya kuwa sau uku yake rubutawa, likitocinmu da yawa kuma a kan wannan tsarin suka taso. An kuma tattara binciken da aka yi a kan yara aka kwatanta, aka ga sakamakon kusan ɗaya ne. Abin da nake so kowace uwa ta riƙe shi ne: awon sau biyu da awon sau uku ba ɗaya ba ne. Wanda ake sha sau biyu ya fi yawa a kowane sha. Saboda haka ba a ɗaukar awon sau uku a zubar da na rana a ce an koma sau biyu.

Dalili kuwa, amoksisilin ba ya daɗewa a jiki. Ƙoda tana tace shi da sauri, cikin kamar awa ɗaya rabin wanda ke cikin jini ya fita. Shi kuma yana kashe ƙwayoyin cuta ne muddin ƙarfinsa a cikin ruwan da ya taru bayan dodon kunne bai sauka ƙasa da wani mataki ba. Kamar wutar murhu ce: ko ki riƙa tura ƙananan itace a kai a kai, ko ki sa babban gungume wanda zai daɗe yana ci. In kika sa ƙaramin itace kika kuma daɗe ba ki waiwaye shi ba, wuta ta mutu, ƙwayoyin cutar da suka fi taurin kai su farfaɗo.

Bari mu ɗauki yaro ɗan shekara 2 da aka ɗora a sikeli ya yi kilo 12. Da nauyi ake lissafi, shi ya sa nake roƙon iyaye kada su yarda a rubuta wa yaro wannan magani ba a auna shi ba, domin 'yan shekara biyu ba nauyinsu ɗaya ba. A tsarin sau biyu, ana ba da kimanin miligiram 40 a kan kowane kilo a kowane sha. Kilo 12 sau 40 ya ba da miligiram 480, sai a cike shi 500. Ke nan 500 da safe, 500 da yamma, 1,000 a yini. Idan ƙwaya ce mai narkewa a ruwa, mai miligiram 250, biyu zai sha da safe, biyu da yamma. Ana narka ta a ɗan ruwa mai tsafta ko ruwan nono a cokali ko ƙaramin kofi, a ba shi ya shanye duka nan take. Jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya haka ya tsara: yaro daga kilo 4 zuwa ƙasa da 10 ƙwaya ɗaya, daga 10 zuwa ƙasa da 14 ƙwaya biyu, daga 14 zuwa 19 ƙwaya uku, kowanne sau biyu a rana.

To a ce wannan yaron likita ya bi tsarin sau uku, ya rubuta miligiram 250 kowane sha. Jimillar yini 750 ke nan, kuma magani ne da ke aiki idan an ba da shi a kan lokaci, domin tazarar gajera ce. Matsalar tana zuwa ne da rana. Uwa ta tafi aiki ko kasuwa, an bar yaro wurin kaka, ko yana barci an ji tausayin tashinsa, sai na rana ya wuce. Yau haka, gobe haka. Yaron ya koma shan 250 sau biyu, wato 500 a yini, rabin abin da tsarin sau biyu na gaskiya ya tanada masa. Uwa tana ganin ai tana bayarwa, kunne kuma bai daina ciwo ba, sai a ce maganin jabu ne ko a koma kemis a sayo wani. Idan kin san ba za ki iya na rana ba, faɗa wa likita tun kina gabansa, ba abin kunya ba ne. Zai sake lissafi ya rubuta miki awon sau biyu. A katin asibiti, bd na nufin sau biyu, tds na nufin sau uku.

Lokacin ba da maganin ma yana da ƙa'ida. Sau biyu na nufin tazarar kamar awa 12: ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma, wato lokacin karin kumallo da kuma bayan Magariba. Sau uku na nufin tazarar kamar awa 8: ƙarfe 6 na safe, 2 na rana wajen Azahar, da 10 na dare. Abin da ake yawan yi shi ne a ba da shi da karin safe, abincin rana da tuwon dare, duka uku su ƙare cikin awa 10 ko 11, sannan yaro ya yi dogon dare ba magani a jikinsa. Ni a ganina, ga yawancin gidajenmu sau biyu ya fi sauƙin cikawa, musamman ga yaron da ke zuwa makaranta da safe da Islamiyya da yamma. Amma wanda aka rubuta wa sau uku kuma ana iya bi, a bi shi yadda yake. Amoksisilin bai damu da ko an ci abinci ko ba a ci ba.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne sirop. Iri biyu ne a kasuwa, kuma kwalaben suna kama da juna. Wata an rubuta 125mg/5ml, wata 250mg/5ml. Yaronmu mai kilo 12 da ke buƙatar miligiram 500, idan mai 250 ce mil 10 zai sha. Idan mai 125 ce, mil 20 zai sha kowane lokaci. Uwa da yawa in ta ji mil 20 sai gabanta ya faɗi, ta ce ya yi wa yaro yawa, ta rage da kanta. Bai yi yawa ba, sirop ɗin ne mai rauni. Sannan ki lissafa ko kwalbar za ta kai: mil 10 sau biyu na kwana 5 mil 100 ne, mil 20 kuwa mil 200 ne. Kwalba mai mil 60 ta mai 125 ba za ta wuce sha uku ba, kwana ɗaya da rabi ke nan. Ƙarewar kwalba ba ita ce ƙarewar magani ba. Kafin ki bar wurin mai ba da magani, ki sa ya nuna miki ƙarfin da ke jikin kwalbar, ya gaya miki mil nawa, da kwalba nawa za ta kai ki ƙarshe.

Garin sirop ana haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce. A fara girgiza garin ya saki, a zuba ruwa kamar rabi a girgiza, sannan a cika daidai layin da ke jikin kwalba. Ruwa ya wuce layi, magani ya tsinke. A girgiza kafin kowane sha, a auna da sirinji marar allura ko ɗan kofin awo da ke zuwa da shi, domin cokulan shayin gidajenmu kowanne da girmansa. Bayan an haɗa, firij ya fi, in babu wuta a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaka, kamar gindin randa, nesa da rana da hannun yara. Ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin, don haka ragowar ba ta ajiya ba ce don ƙanensa. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son ƙwaya mai narkewa: ba ta neman firij, ba ta neman awon mil.

In yaro ya yi amai kafin minti 30 da shan magani, a sake ba shi. In an manta aka tuna da wuri, a ba shi, in kuwa lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce, kada a haɗa biyu. Kuma duk wannan lissafi na amoksisilin zalla ne. Akwai wanda aka haɗa da wani sinadari mai suna kilabulanet, shi awonsa daban, in aka ninka shi da ka yana sa gudawa sosai.

Kwana 5 shi ne mafi ƙaranci. Ga yaron da bai kai shekara 2 ba, ko wanda ciwon ya yi tsanani, likita na iya cewa kwana 7 ko 10. A kwanan farko maganin ba ya ɗauke zafin ciwo, farasitamol ne ke wannan aikin, a ba shi bisa nauyinsa. Cikin kwana 2 zuwa 3 ya kamata zazzaɓi ya sauka, yaro ya koma barci da cin abinci. Sauƙin da aka gani ba dalilin dainawa ba ne. In kuwa kwana 3 ya cika ba canji, a dawo asibiti, mai yiwuwa ƙwayar cutar ba ta jin amoksisilin zalla. Ki kuma gaya wa likita idan yaron ya sha wannan maganin cikin wata ɗaya da ya wuce, domin hakan na iya sa a canza zaɓi tun farko. Ɗan sakin ciki ba abin tsoro ba ne, a ƙara masa ruwa da nono. Amma borin jini, kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi da ƙyar, a tsayar da magani a garzaya asibiti.

Idan kunne na zubar da mugunya, a naɗe tsumma mai laushi mai tsafta a tsane shi a hankali sau uku a rana. Kada a ɗiga manja, turare ko nono, kada a sa tsinke. Mugunyar da ta kai kwana 14 tana zuba ta zama daɗaɗɗen ciwo, maganinta na ɗigawa ne da likita zai rubuta, maimaita sirop ba ya tsayar da ita. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa ba a yi masa wannan lissafi a gida ko a kemis. Haka yaron da bayan kunnensa ya kumbura yana ciwo in an taɓa, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono: a ranar a kai shi babban asibiti, kamar na Gambo Sawaba ko Asibitin Koyarwa da ke Shika, domin allura yake buƙata da kwanciya.