Man shafawa na jabu: wa doka take nema, kuma ta yaya za a gane shi?

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mata a Tawa, wai duk man da ba ya ɗauke da lambar NAFDAC jabu ne, wai kuma duk wadda aka samu da shi a tebur ko a ɗaki sai kaso. Maganar nan ta cakuɗa abubuwa da yawa.

NAFDAC hukumar Najeriya ce mai kula da ingancin abinci, magunguna da kayan kwalliya. Lambarta tana nuna an yi wa kaya rajista a can, shi ya sa muke yawan ganinta a kayan da ke shigowa ta Ƙwanni. Man da aka yi a Abijan ko Dakar don kasuwarmu ba dole ba ne ya ɗauke ta. Wanda ya iya kwaikwayon kwalba da kwali kuwa, buga lamba ba za ta gagare shi ba.

Dokar da ke hukunta jabu a Nijar ita ce yarjejeniyar Bangi ta OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, wadda ke kare tambarin da aka yi wa rajista. Ta shafi mai ƙera jabun, da mai liƙa tambarin wani a kan kayansa, da mai sayarwa. Tsohon rubutun 1999 ya tanadi tarar sefa miliyan 1 zuwa 6 da ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, gyaran da aka sa wa hannu a Bamako a 2015 kuma ya ƙara tsananta hukuncin. Matar da ta sayi kwalba ɗaya don jikinta ba ita ake nema ba, ita ce ma aka cuta.

Inda ake ruɗewa shi ne batun mai sayarwa. Dokar ta ɗaure laifinsa da sani, wato ya san jabu ne ya kasa shi. Wasu sun ɗauka cewa "ban sani ba" ta wadatar. Alƙali yana duba abin da ke kewaye da cinikin. Ɗan kasuwar da ya sari katan a kan sulusin kuɗin da aka san man da shi, daga hannun wanda ba shi da shago, ba takardar saye, zai sha wuya kafin a yarda bai sani ba. Ko an yarda ma, ana iya kwashe kayan, jarinsa ya tafi. A ganina a nan ne nauyin yake faɗa wa mai ƙaramin tebur, shi da ake gani ido da ido, alhali mai shigo da kwantena yana nesa. Kariyarsa takardar saye ce mai sunan dila da kwanan wata.

To, a ce Hajiya ta ɗauki man shafawa na tub a cikin kwalinsa. Ta fara da lambar rukunin da aka yi shi, wadda ke bayan kalmar LOT. A kayan kamfani, lambar da ke kan kwali ita ce a gindin tub ɗin, wurin da aka matse bakinsa, haka ma ranar lalacewa. Idan kwali ya ce EXP 08/2027, tub ya ce wata rana dabam ko babu komai, ta ajiye. Ta kuma lura da yadda aka sa lambar. Kamfani yana buga ta ne daga baya, lokacin ɗura man, don haka takan fito da ɗigo-ɗigon tawada ko a danne cikin roba. In ta fito sumul da launi ɗaya da sauran zanen kwalin, alama ce an kwafe kwali guda an yi ta bugawa. Sai ta duba sunan kamfani da cikakken adireshinsa da jerin abubuwan da aka haɗa. Layukan baƙi da farin nan da ake haskawa da waya ba hujja ba ne, ana kwafe su kamar kowane zane.

Duk wannan yana raba na ainihi da jabu ne kawai. Mai na iya zama na kamfaninsa sak, kuma bai halatta a kasa shi cikin kayan kwalliya ba. Tub ɗin da aka rubuta Clobetasol 0,05% ko Betamethasone magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa don ciwon fata na ɗan lokaci, wurinsa farmasi. Mai shafa shi wata da watanni don haske, fatarta takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito, ƙuraje su feso da zarar ta daina. Wadda ta daɗe a kansa kada ta yanke rana ɗaya, ta ga likita ya tsara mata yadda za ta rage.

Man haɗi da ake ɗurawa a roba ba suna ba lamba kuwa, babu wata lamba a jikin robar da za a kwatanta da wata, kuma in ya ƙona fuska babu kamfanin da za a kai ƙara.