Shekara nawa jari zai yi kafin ya dawo? Lissafin kai tsaye da lissafin zaftare, da abin da ke ɓoye wa kowannensu

Malam, ina da naira miliyan 10, ina so in sa a sana'ar ƙanƙara a Tudun Wadar Kaduna. An kawo mini inji biyu a kan farashi ɗaya: wani babba na hannu, wani kuma sabo amma ƙarami. Ɗana da ke karatun akanta ya ce lissafin dawowar jari iri biyu ne. Wanne zan bi?

Alhaji, na farkon, lissafin kai tsaye, shi ne wanda kowane ɗan kasuwa yake yi da ka, wato a riƙa tara abin da injin ya kawo shekara bayan shekara har jimillar ta kai uwar kuɗi. Sharaɗinsa ɗaya ne, wanda mutane da yawa suke tsallakewa: abin da ake tarawa shi ne tsabar kuɗin da suka rage a hannu bayan an biya wuta, an sayi man janareta, an sallami yara, an biya haya da haraji. Cinikin rana ba ya shiga, haka ma ribar da aka rubuta a littafi alhali kuɗin suna hannun masu bashi.

Bari mu ɗauka, don misali kawai, cewa sabon injin zai riƙa barin naira miliyan 4 duk shekara har shekara 8. Bayan shekara biyu an tara miliyan 8, saura miliyan 2, wanda rabin kuɗin shekara ta uku ne, don haka jarin ya dawo cikin shekara biyu da rabi. Na hannun kuma, saboda girmansa, a ce zai bar miliyan 6 a shekarar farko, miliyan 5 a ta biyu, miliyan 3 a ta uku yayin da gyara ya fara cin kuɗi, sannan ya mutu. Shi nasa jarin zai dawo cikin shekara ɗaya da kusan wata 10. A wannan ma'auni, na hannun ne ya yi nasara.

To me lissafi na biyun ya ƙara a kai?

Ya ƙara abu ɗaya, shi ne bai yarda cewa naira ta shekara huɗu masu zuwa daidai take da nairar da ke hannunka yau ba. Kuɗin da ka ɗaure a inji da suna wani wuri suna aiki, ko a hatsin da kake saye da kaka ka sayar da bazara, ko a shagonka na kasuwa. Saboda haka kafin a tara kuɗin kowace shekara sai an zaftare su gwargwadon nisansu. Idan muka ɗauki kashi 20 cikin 100 a matsayin abin da kuɗinka za su iya samarwa a wani wurin, kuɗin shekarar farko za a raba su da 1.2, na shekara ta biyu a raba da 1.2 sau biyu, wato 1.44, na ta uku da 1.728, haka nan har ƙarshe.

Ga yadda sabon injin zai kasance. Miliyan 4 na shekarar farko sun koma miliyan 3.33, na ta biyu miliyan 2.78, na ta uku miliyan 2.31, jimilla miliyan 8.43 ke nan a ƙarshen shekara ta uku, lokacin da lissafin kai tsaye ya riga ya ce tun wata shida da suka wuce ka fita. Saura miliyan 1.57. Kuɗin shekara ta huɗu bayan zaftarewa miliyan 1.93 ne, don haka sai an cinye kusan wata 10 daga cikinta. Jarin da aka ce zai dawo cikin shekara biyu da rabi ya koma shekara uku da wata 10. Na hannun kuwa, idan aka bi da shi ta wannan hanya, zai ba da miliyan 5, da 3.47, da 1.74, ya maido da jari cikin shekara biyu da kusan wata 11, wato saura ƙiris ya mutu bai biya kansa ba.

Amfanin wannan lissafi a nan yake. Idan jari ya dawo bayan an zaftare, to ya biya uwar kuɗi kuma ya biya abin da ka rasa saboda ɗaure su. Lissafin kai tsaye ba ya iya ba da wannan tabbaci, domin yana iya nuna cewa sana'a ta maido da kuɗi alhali da an bar su inda suke da sun fi haihuwa.

Ke nan duka biyun sun ce in sayi na hannun?

Duka biyun sun ce haka, kuma a wannan misali duka biyun sun ɓatar da kai, saboda aibi guda da suka yi tarayya a cikinsa: da zarar jimilla ta kai uwar kuɗi, sai su rufe littafi. Duk abin da zai faru bayan wannan rana, na samu ko na asara, ba ya cikin amsarsu.

Duba abin da ya rage a wajen lissafin. Na hannun, bayan ya biya kansa, rarar da ya bari a darajar kuɗin yau ba ta wuce kimanin naira 208,000 ba. Sabon yana da sauran shekara huɗu da 'yan watanni yana kawo miliyan 4 duk shekara, kuma idan aka zaftare kuɗin shekaru takwas ɗin gaba ɗaya za a sami kimanin miliyan 15.35, wato rarar miliyan 5.35 a kan uwar kuɗi. Wani zai ce ai idan na hannun ya mutu sai a sayi wani irinsa, kuma maganarsa tana kan hanya, amma ko an maimaita shi sau uku cikin shekara tara, rarar duka ba za ta kai rabin miliyan ba. Wannan rara ita ce abin da ɗanka zai gani a kwamfuta da sunan NPV, kuma a Excel, idan kuɗin shekaru takwas suna jere daga B2 zuwa B9, ana rubuta:

```
=NPV(0.2,B2:B9)-10000000
```

A lura cewa uwar kuɗin tana waje da baka. Idan aka cusa ta ciki, manhajar za ta ɗauke ta kamar kuɗin da za a kashe bayan shekara ɗaya, ta zaftare ta ita ma, amsa ta fito ba daidai ba.

Rufe littafi da wuri yana ɓoye hasara kamar yadda yake ɓoye riba, kuma a ganina wannan ɓangaren ya fi haɗari. A ce kwamfaresan injin yana buƙatar canji a shekara ta biyar, ko an haɗa shi da sola wadda batiranta za su gaji, ko mai shago ya sa sharaɗin a mayar masa da wurinsa yadda yake idan haya ta ƙare. Duk waɗannan kuɗi ne masu fita bayan ranar da lissafin ya ce an gama, kuma suna iya jawo jimillar ta sake komawa ƙasa da uwar kuɗi. Hanyar gane wannan ita ce a ci gaba da layin tarawa har ƙarshen rayuwar injin, a duba ko ya sake nutsewa, a kuma sa abin da za a samu idan an kai gawarsa Panteka an sayar da ƙarfe da tagulla.

Wannan kashi 20 ɗin daga ina ya fito? Kuma ba kuɗin ruwa ba ne?

Ni na zaɓe shi don misali, kuma raunin da lissafin zaftare ya keɓanta da shi ke nan: amsarsa tana rataye ne a kan lamba ɗaya da mutum ya zaɓa da hannunsa. Idan aka ɗaga ta zuwa kashi 30, sabon injin zai kai shekara biyar da kusan wata huɗu kafin ya dawo da jari, na hannun kuwa zai tsaya a miliyan 8.94, ya mutu bai biya ba. A kashi 40, sabon ma ba zai taɓa biya ba ko da zai shekara ɗari yana aiki. Waɗannan lambobi ba su yi nisa da abin da muka gani ba, domin a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, kuma hauhawar farashi a Disamba na wannan shekara ta kai kashi 34.8 bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi. Idan ka ƙiyasta kuɗin shiga a farashin yau, ba ka ƙara musu tashin farashin ƙanƙara na shekaru masu zuwa ba, sannan ka zaftare su da lambar da ta ƙunshi hauhawar farashi, to ka hukunta injin sau biyu. Ko dai duka ɓangarorin su ƙunshi hauhawa, ko duka a cire musu ita.

Batun ruwa kuwa, lambar ma'auni ce ta abin da ka bari domin ka yi wannan, babu wanda ake karɓar komai a hannunsa ko ake ba wa komai a cikinta. Wanda ya sayi injin ta hanyar murabaha a banki irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, zai iya ɗaukar ribar da bankin ya ɗora, ya mayar da ita ta shekara, ta zama mafi ƙarancin lambarsa. Wanda kuɗinsa ne, sai ya dubi abin da kasuwancinsa na yanzu yake ba shi, ya ɗan ƙara saboda sabuwar sana'a ta fi haɗari.

To lissafin kai tsaye ba shi da amfani ke nan?

Yana da shi, in an tambaye shi abin da ya sani. Idan miliyan 10 ɗin na amana ne da za a mayar cikin shekara biyu, ko hayar shagon ta shekara uku ce ba tare da tabbacin sabuntawa ba, to ranar da tsabar kuɗi za su dawo hannu ita ce babbar magana, kuma a wannan hali na hannun yana iya zama zaɓin da ya dace duk da ƙarancin rararsa. Haka nan inda gobe ba ta da tabbas, kamar yadda kuɗin mai ya tashi bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023 ya rusa ƙiyasin masu janareta, saurin fita yana da daraja ta kansa.

Sai dai a yi hattara da watannin da na ambata. Na samo su ne bisa zaton cewa kuɗi suna shigowa daidai wa daida cikin shekara, alhali ƙanƙara a Kaduna kasuwarta ta zafi ce, daga Maris zuwa Mayu, da kuma azumi idan ya faɗo a lokacin zafi. Da hunturu kuwa injin kusan hutawa yake. Wanda ya kafa inji a Nuwamba da wanda ya kafa a Fabrairu za su sami amsa iri ɗaya a lissafin shekara-shekara, amma na farkon zai yi wata uku yana biyan haya da albashi daga aljihunsa. Don haka, Alhaji, ka sa ɗanka ya shimfiɗa shekaru biyun farko wata-wata, ya gwada lambar zaftarewa a kashi 20 da 25 da 30, ya kuma kai layin kowane inji har shekarar da makaniki ya ce zai mutu.