Cirar kuɗin ritaya mai bin hauhawar farashi

Cirar kuɗin ritaya mai bin hauhawar farashi tsari ne da wanda ya ajiye aiki yake bi wajen ɗibar kuɗi daga ajiyarsa, inda yake yanke adadin da zai cira a shekarar farko, sannan a kowace shekara ya ƙara a kansa daidai gwargwadon yadda farashin kaya ya tashi. Manufar ita ce kuɗin da ya cira a shekara ta 20 su saya masa hatsi da magani da sutura daidai da waɗanda kuɗin shekarar farko suka saya. A lissafin harkar kuɗi ana ɗaukar wannan a matsayin jerin biya mai ƙaruwa, wato biyan da ake yi a kan kari har tsawon wani wa'adi, kowane biya yana ɗara wanda ya gabace shi da wani kaso wanda ba ya canjawa.

Yadda ake lissafinsa

Abubuwa huɗu ne suke shiga lissafin: adadin cirar farko, wanda ake rubutawa `W`, ribar da ajiyar take samarwa a shekara, `r`, kason hauhawar farashi a shekara, `g`, da yawan shekarun da ake so kuɗin su ɗauka, `n`. Idan a farkon kowace shekara ake cira, wanda shi ya fi dacewa da mai ritaya tunda ba zai jira shekara ta ƙare kafin ya yi cefane ba, jarin da ake bukata a ranar ajiye aiki shi ne:

```
PV = W × (1 − q^n) / (1 − q)
q  = (1 + g) / (1 + r)
```

Idan kuwa a ƙarshen shekara ake cira, sai a raba sakamakon da `1 + r`. A lokacin da `r` da `g` suka zo daidai, ƙa'idar ba ta aiki domin za a raba da sifili, amma amsar a sarari take: ga mai cira a farkon shekara, jarin shi ne `W` sau `n`.

Abin lura a ƙa'idar shi ne riba da hauhawar farashi ba sa bayyana a cikinta kowanne shi kaɗai, sai dai a haɗe cikin `q`. Saboda haka girman ribar ba shi ne abin dubawa ba, ratar da ke tsakaninta da hauhawar farashi ita ce. Wannan rata ita ake kira riba ta haƙiƙa, kuma ana samun ta da `(1 + r) / (1 + g) − 1`, dangantakar da ake jinginawa ga masanin tattalin arziki ɗan Amurka Irving Fisher. Lissafin bai damu da tushen ribar ba: ko kuɗin haya ce, ko rabon hannun jari, ko sukuk, abin da ya shafe shi kawai shi ne kason da dukiyar take ƙaruwa.

Misali a aikace

A ƙaddara mutum yana bukatar naira 1,200,000 a shekarar farko, wato naira 100,000 a wata, yana so kuɗin su kai shi shekara 25, ajiyarsa tana kawo ribar kashi 12 cikin 100, farashi kuma yana tashi da kashi 8 cikin 100 a shekara. Waɗannan alƙaluma an zaɓe su ne domin misali kawai. A nan `q` shi ne 1.08 a raba da 1.12, kuma idan aka bi ƙa'idar za a ga jarin da ake bukata ya ninka cirar farko sau 16.72, wato kimanin naira 20,064,000. A manhajar lissafi irin Excel ana samun wannan amsa da layi ɗaya:

```
=PV(1.12/1.08-1, 25, -1200000, 0, 1)
```

A shekara ta biyu zai cire naira 1,296,000, a ta uku 1,399,680, a ta 25 kuwa kimanin 7,609,000, kuma wannan miliyan bakwai da ɗoriya ba za su saya masa komai fiye da abin da 1,200,000 suka saya a farko ba.

Inda tsarin ya fi ruɗar mutane shi ne yadda ragowar asusun take tafiya. Bayan cirar farko saura naira 18,864,000, waɗanda riba za ta mayar 21,127,680 a ƙarshen shekara, wato fiye da abin da aka fara da shi. Haka adadin zai ci gaba da hawa shekara bayan shekara, har ya kai ƙololuwarsa ta kimanin naira miliyan 32.5 bayan shekara 14. Mai kallon takardar asusu zai ɗauka dukiyarsa bunƙasa take yi, alhali idan aka auna waɗannan miliyan 32.5 da farashin ranar da ya yi ritaya, darajarsu ba ta wuce miliyan 11.1 ba, kusan rabin abin da ya fara da shi. Daga nan sai gangara, kuma gangarar tana da sauri: bayan shekara 20 saura kimanin miliyan 26, waɗanda cira biyar na ƙarshe za su cinye tas. Duk wanda hawan shekarun farko ya yaudara har ya ƙara yawan abin da yake cira, ko ya ɗebi wani kaso ya yi gini da shi, to daga abincin shekarunsa na ƙarshe ya ɗiba, domin wannan tarin da ma an tanade shi ne don manyan cirar da ke tafe.

Ana ƙara fahimtar tsarin idan aka gwama shi da cirar da ba ta canjawa. Da wannan jari na naira 20,064,000 da ribar kashi 12, mutum zai iya cirar kimanin naira 2,284,000 kowace shekara har shekara 25, kusan ninki biyu na cirar farko a tsari mai ƙaruwa. Sai a shekara ta 10 ne cira mai ƙaruwa take zarce ta. To amma a shekara ta 25, waɗannan 2,284,000 ba za su sayi abin da ya wuce na naira 360,000 a farashin farko ba. Dukiya ɗaya ce aka raba ta hanya biyu: ɗaya ta ba da wadata a farko da ƙunci a tsufa, ɗayar ta shimfiɗa cin daidai tun daga farko har ƙarshe.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi, na ɗebe 8 daga 12 a ce riba ta haƙiƙa kashi 4 ce, alhali 3.70 ce. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma a wannan misali yana sa a ƙiyasta jari na kimanin naira 19,496,000, wato an samu giɓin fiye da rabin miliyan, kuma giɓin yana ƙara faɗi idan hauhawar farashi ta yi yawa.

Dokar kashi 4

Sanannen amfani da aka yi da wannan tsari a Amurka ne. A 1994 wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, William Bengen, ya gwada shi a kan tarihin kasuwannin ƙasar tun daga 1926, inda ya gano cewa wanda ya zuba kusan rabin ajiyarsa a hannun jari, rabi a takardun lamunin gwamnati, ya cire kashi 4 cikin 100 a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙara adadin bisa hauhawar farashi, kuɗinsa ba su ƙare kafin shekara 30 ba a duk lokutan da ya gwada. Malamai uku na Jami'ar Trinity da ke Texas sun samu sakamako makamancin wannan a 1998. Mutane da yawa suna ɗauka ana nufin cirar kashi 4 na ragowar asusu kowace shekara, wanda ba haka ba ne: sau ɗaya ake amfani da kason, daga nan ma'aunin farashi ne yake jan adadin. Kuma lambar 4 ɗin daga tarihin dala da kasuwar Amurka ta fito, ba ƙa'idar lissafi ba ce da za a ɗauka a ɗora wa kowace ƙasa.

Inda lissafin yake gazawa

Ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa `r` da `g` da `n` sanannu ne kuma ba sa motsi, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da yake haka a rayuwa. A misalin da ya gabata, idan hauhawar farashi ta koma kashi 12 riba kuma ta tsaya inda take, jarin zai ƙare a cikin shekara ta 17, kuma da naira miliyan 30 aka bukata tun farko. Idan ta kai kashi 15, shekara 14 kawai kuɗin za su yi, jarin da zai kai shekara 25 kuma ya doshi miliyan 42. A ƙasa irin Najeriya, inda hukumar ƙididdiga ta bayyana hauhawar kashi 34.80 a Disamban 2024, riba ta haƙiƙa tana iya zama ƙasa da sifili, kuma a irin wannan hali jarin da ake bukata ya fi cirar farko sau yawan shekarun.

Tashin farashi na shekara ɗaya ma ba ya wucewa da shekararsa, domin duk ƙarin da za a yi nan gaba a kan sabon adadin za a ɗora shi. Haka kuma jerin da riba take zuwa yana da tasiri: asarar da ta faɗa a shekarun farko ta fi wadda ta zo a ƙarshe illa, ko da matsakaicin ribar ɗaya ne, saboda ana tilasta sayar da kadara da araha don biyan cirar da ba ta raguwa, abin da aka sayar kuma ba ya nan lokacin da kasuwa za ta farfaɗo. Shi ya sa shekarun 1973 da 1974 a Amurka, da faɗuwar hannun jari ta haɗu da tsadar kaya, suka fi girgiza gwajin Bengen. Takardun lamuni masu bin ma'aunin farashi, waɗanda Birtaniya ta fara fitarwa a 1981 Amurka kuma a 1997, suna rage wannan haɗari domin suna tsayar da riba ta haƙiƙa tun ranar saye, amma ba sa magance matsalar wanda ya rayu fiye da `n`, kuma ma'aunin farashi na ƙasa ba lalle ne ya yi daidai da kashe kuɗin tsoho ba, wanda magani yake cin babban kaso a cikinsa.

Hanyar gane ko tsarin yana kan turba ita ce a raba ragowar asusu da cirar shekarar da ake shiga, a kwatanta da abin da ƙa'idar ta bayar na shekarun da suka rage. A misalin nan ya kamata a samu 16.7 a farko, 11.8 bayan shekara 10, da 4.7 bayan shekara 20. Idan bayan shekara 10 aka samu 9 maimakon 11.8, asusun ya gaza da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, ko da adadin da ke rubuce a takarda ya fi na ranar ritaya, kuma gyaran shi ne a raba ragowar da 11.8 a ɗauki sakamakon a matsayin sabuwar cira, sannan a ci gaba da ƙari daga kanta.