Ku daina tura masa alamar dariya, ku kira shi

Wata uku ke nan ina ganin abu ɗaya a ɗan asibitinmu na karkara, kuma ya ishe ni. Matashi zai zo da ciwon kai da rashin barci, a gwada jini babu zazzaɓin cizon sauro. In ka zaunar da shi sai zancen jarabawa ko bashi ya fito. In ka tambayi abokin da ya rako shi, sai ya ce, "Wallahi Malam, kullum yana cikin raha, shi ke ba mu dariya a guruf." Wannan amsar ita ke ƙona min rai.

Ban ce barkwanci laifi ba ne. Ni ma nakan yi dariya in na ga hoton akuya ta yi tagumi an rubuta "ni da JAMB an bar wa Allah." Yaron da ya faɗi jarabawa ba zai iya kallon mahaifin da ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin rajista ya ce ya kasa ba. Mu kuma an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai ya mai da abin wasa, ya riga masu yi masa dariya, in mutum goma suka ce "wallahi ni ma," ya ji sanyi. Akwai amfani a nan.

Amma labarin zuciya a tambayi fuska, waya kuwa ba ta nuna fuska.

Akwai wani yaro, shekararsa 19, daga wani ƙauye kusa da mu. Sau biyu yana zana JAMB, makin bai kai ba. Ya ci bashin naira dubu 20 a manhajar ba da rance ta waya, kuɗin ruwa ya hau, suka fara tura saƙo ga lambobin da ke wayarsa suna kiransa macuci, har ga kawunsa. Da farko barkwancinsa na "mu" ne: mu 'yan faɗuwa, mu masu bashi. Daga baya ya koma "ni." Ya rubuta, "Ko mutuwa ta zo sai ta bi layin masu bina bashi." Aka yi ta dariya. Sai lokacin rubutunsa ya koma ƙarfe biyu, ƙarfe uku na dare. Ya daina zuwa majalisa, ya ba ƙanensa takalmin ƙwallonsa. Na ƙarshe ya rubuta "ku yafe min duka," da alamar dariya a gefe. Mutum 14 suka mayar masa da dariya. Sha huɗu! Yayarsa da ke aure a wani gari ita kaɗai ta kira, ta ji muryarsa, ta sa aka kawo mana shi da safe. Mun tura shi gaba, yana samun sauƙi, alhamdulillahi.

Haba 'yan samari! Danna hoton dariya bai kai daƙiƙa ɗaya ba, shi ya sa kuke yi. Kun karanta, kun ji wani abu a ranku, kuka danna kuka wuce. Ku ma iyaye, "Allah ya kyauta, yaran zamani" ba magani ba ne. Masu yi masa wa'azin rashin tawakkali a bainar guruf kuwa, kun rufe masa baki ne kawai, gobe ba zai sake rubutawa ba.

Ƙannena, na san ba mugunta ba ce, tsoro kuke kada ku tambaya ya zama kun sa masa tunanin. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin kashe kansa, sauƙi ma take kawo masa. Ka kira shi gefe, ba a guruf ba, ka ce, "Abin nan da ka rubuta, wasa ne ko da gaske? Kana tunanin cutar da kanka?" Sannan ka yi shiru ka saurara, ko da ya fara da dariya.

In ƙunci da rashin barci da ƙin abinci sun kai mako biyu, ku kawo shi. In ya ambaci mutuwa da gaske, ranar za a kawo shi, kuma:

- Kada a bar shi shi kaɗai.
- A kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga ɗaki, a kulle.
- A sanar da babba ɗaya da yake jin maganarsa, a zauna a kan bashin, a san nawa ne.
- In ya riga ya sha wani abu, kada a ba shi manja, kada a ba shi madara, kada a sa shi amai. A wuce asibiti da kwalbar.

Abin da ya fi ƙarfinmu muna rubuta takarda zuwa asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, mutanen Jigawa kuma akwai na Kazaure. Kuma don Allah ku daina cewa wurin mahaukata ne, masu rashin barci ma suna zuwa su karɓi magani su koma gida a ranar.