Me ake nufi da tarihin ciwo a saƙon da ake aika wa likitan fata?

Tarihin ciwo shi ne labarin rashin lafiya daga ranar da ta fara zuwa yau, a jere yadda abubuwa suka faru, haɗe da duk abin da aka sha ko aka shafa. Ga mai fama da ƙaiƙayin kai da zubewar gashi, wannan jerin ne likitan fata ya fi buƙata, domin cututtuka da dama suna kama da juna a ido, lokaci ne yake bambanta su.

A ce wata mata ta rubuto haka: “Likita, barka da aiki. Wata 5 ke nan kaina yana ƙaiƙayi, da amosani mai maiƙo. Wata 2 da suka wuce gashina ya fara zuba ta ko'ina, ba wuri ɗaya ba. Na haihu wata 5 da suka wuce. Na yi amfani da sabulun wanke kai mai ketokonazol sau biyu a mako, na sati 2, ina wankewa nan take.”

Saƙon gajere ne, amma ya yi aiki. Gashin da ke zuba ta ko'ina wata 2 zuwa 3 bayan haihuwa, ko zazzaɓi mai tsanani, ko tiyata, yawanci yakan dawo da kansa. Ke nan mai yiwuwa matsalarta biyu ce, amosani daban, zubewar gashi daban. Maganar wankewa nan take kuwa ita ta fi burge ni. Irin wannan sabulu na maganin amosani ana barinsa a kai minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, don haka likita ba zai yanke cewa maganin ya gaza ba. Da ta ce kawai “na gwada magani bai yi ba”, da an rasa wannan.

Kayan gyaran gashi ma a ambace su, da ranar da aka yi amfani da su. Rinin gashi na iya tayar da ƙaiƙayi da kumburi bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa mutane ba sa zarginsa. Man shafawa mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, shi kuma yana kwantar da ƙaiƙayin makero, ya ɓoye kamanninsa, alhali cutar tana yaɗuwa. A ɗauki hoton kwalin kowane magani a haɗa.

Saƙo yana da iyaka. Idan akwai mugunya, ko zafi, ko wurin da ya sance ya yi santsi yana sheƙi, a nemi ganin likita ido da ido da wuri. Mai yiwuwa sai an kankari fatar an gwada, kuma gashin da tabo ya cinye tushensa ba ya sake fitowa.