Kejin dashe: kare ƙananan bishiyoyi daga awaki da kaji

Kejin dashe wani ɗan shinge ne da ake zagaye ƙaramar bishiya guda ɗaya da shi tun ranar da aka dasa ta har ta fi ƙarfin bakin dabba. Wasu keji suke ce masa, wasu kewaye, wasu kuma shinge kawai. A ƙasar Hausa inda ake sakin awaki da tumaki da zarar an gama kwashe amfanin gona, kaji kuma dama kullum a sake suke, dashen da ba shi da keji da wuya ya ga damina ta biyu. Ana yinsa da ƙaya, da kara, da sanduna, da ragar waya, da bulo, ko tsohon buhu, kowa da abin da hannunsa ya kai. Amma ba kayan da aka yi shi da su ne ke sa ya yi aiki ba, ma'aunin ne, wato tazarar da ke tsakanin ganyen dashen da bakin akuya, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke kuskure.

Yadda akuya take ɓarna

Akuya ba irin tunkiya ba ce da ta fi son sunkuyawa ta ci ciyawa, ita sama take nema, ganye da toho da ɓawo. Ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri a wurin, shi ya sa ba yanke reshe take ba, fizgarsa take. Da wannan ake gane aikinta, za ka ga bakin reshen a yage da zare-zare kamar an tsinka igiya. Idan dashen sabo ne saiwarsa ba ta kama ƙasa ba, fizga ɗaya ma tana iya tumɓuke shi gaba ɗaya.

Jar akuyar nan tamu ta Sakkwato da Maraɗi tsayin kafaɗarta bai fi santimita 60 da 'yan kai ba, shi ne yake yaudarar mutane su yi keji iya ƙugu su ce ya isa. To ai tsayawa take da ƙafafun baya ta ɗora na gaba a jikin kejin, a haka bakinta yana kaiwa wajen mita ɗaya da rabi, dogayen awakin Sahel kuwa sun wuce nan. Ga ta da siririn baki da leɓe mai motsi, duk kafar da tafin hannun mutum zai shiga to bakinta ma zai shiga.

Ɓarnar iri uku ce kuma ba ɗaya suke ba. Cin ganye shi ne mai sauƙi, dashe yana sake tohowa. Cinye kan, wato tohon da ke can ƙololuwa, ya fi muni domin daga nan bishiya take yin tsayi, idan ana yawan cinye shi sai ta tsugune ta zama kamar tsintsiya, shekara uku tana iya gwiwa. Na ukun shi ne ɓare ɓawo. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake gangarawa zuwa saiwa, in akuya ta ɓare shi ya zagaye gindin kaf, saman zai iya zama kore na wasu makonni mutum yana ta murna, daga baya ya bushe. Zogale ya fi kowa shan wannan saboda laushin ɓawonsa.

Lokacin da abin ya fi tsanani shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, harawa ta ƙare, daji ya bushe, dashen da ake ba ruwa shi kaɗai ne kore a unguwar. Ko dogon yaro mai ɗacin nan akuya ba ta ƙyale shi a wannan lokacin. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, inda aka fara dasa layukan dogon yaro na tare iska a 1975 da tallafin ƙungiyar CARE, sai da aka ɗauki masu gadi suna korar dabbobi har itatuwan suka tasa. Mai dashe biyu ko uku a ƙofar gida ba zai iya biyan mai gadi ba, kejin ne mai gadinsa.

Kaji

Kaza ba ruwanta da ganyen mangwaro, gindin take so. Wurin da ake zuba ruwa kullum akwai laima, ga taki, ga ciyawar da aka shimfiɗa, nan gara da tsutsa da ƙananan ƙwari suke taruwa, ita kuma tono ne sana'arta. Sai ta watsar da ciyawar, ta rushe ɗan kwarmin da aka yi don riƙe ruwa, ta tono ƙananan saiwoyin da ke kusa da sama rana ta ƙone su, da azahar kuma ta dawo ta kwanta tana birgima a sanyin wurin har ta yi rami. Alamar ita ce dashe yana yaushi da rana alhali ana ba shi ruwa, gindin ya yi ramuka, ana hango fararen saiwoyi a waje. Zogalen da aka shuka da iri kuwa tun yana ganye biyu suke tsince shi.

Maganinsu ba tsayi ba ne, rufe ƙasa ne. A jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu ko tsingaron tukunya a kan ciyawar, ko a kwantar da ƙananan rassan ƙaya, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da jikin dashen don kada gindin ya riƙa zama a jiƙe ya ruɓe. Kaza in ta sa ƙafa ta ji ba ya tonuwa sai ta ƙara gaba.

Misali da mangwaro mai aure

A ce an sayo mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani mangwaron, mai tsayin kamu ɗaya, za a dasa a ƙofar gida a watan Yuli. A nan kuskure yana da tsada, domin in akuya ta cinye shi har ƙasa da wurin auren, abin da zai toho daga baya ba irin da aka saya ba ne, na gindin ne, mutum ya yi shekaru yana ban ruwa a ƙarshe ya samu ɗan ƙaramin mangwaro mai zare. Shi ya sa ake haɗa kayan kejin kafin a je sayen dashen, a kafa shi a ranar, ba a cewa sai gobe.

A ɗaura igiya a ɗan tsinke kusa da dashen a zana da'ira mai nisan rabin mita ta kowane ɓangare, faɗinta ya zama mita ɗaya ke nan. Mutane suna ganin wannan ya yi wa ɗan dashe yawa, amma nan da wata shida rassa za su buɗe, kuma duk ganyen da ya taɓa jikin keji na akuya ne. A samu sanduna huɗu masu kaurin damtse, kowace mita 2, a babbake ƙasansu a wuta saboda gara, a haƙa ramuka a kan da'irar a binne santimita 40 zuwa 50 a daddanna ƙasar sosai. Abin da ya rage a sama mita ɗaya da rabi ne, wajen kafaɗar babban mutum. Sai a ɗaura sanduna a gicciye hawa uku, ƙasa da tsakiya da sama, su ne za su riƙe nauyin akuya in ta dafa.

Idan ragar waya irin ta kejin kaji za a sa, da'irar mita ɗaya tana cin mita 3 da ɗan ɗoriya, don haka a sayi uku da rabi saboda haɗin baki. Mai tsayin ƙafa 4 ba ta kai saman sandunan ba, sai a cike ragowar da ƙaya. A binne ƙasan ragar kamar yatsa huɗu ko a danne da duwatsu, in ba haka ba tsaki da 'yan awaki ta nan za su kutsa. Ragar nan fa ba ta da ƙarfi ita kaɗai, akuya in ta samu wurin susa sai ta lanƙwasa ta har ta manne da dashen, to shi ya sa ake jingina rassan ƙaya ta waje ana ɗaure su.

Wanda ba shi da kuɗin waya, kara ma yana yi. A jera karan dawa a tsaye a ɗaure kamar darni, sai dai a bar 'yan kafofi kamar faɗin yatsa biyu don haske da iska su shiga, saman kuma a buɗe. Kejin da aka toshe ruf yana sa dashe ya yi tsayi siriri, ganyen ya koɗe, ranar da aka cire shi iska ta kwantar da shi. Ta waje a lulluɓe da ƙayar magarya ko sarƙaƙiya ko farar ƙaya. Ni a ganina magarya ta fi, ƙayarta mai ƙugiya ce, rassan suna sarƙe juna iska ba ta kwashe su da sauƙi. Rassa ake sassabowa, ba a sare itacen daga gindi, ba dabara ba ce a kashe babba don a raya ƙarami. A bar gefe ɗaya da ake kwancewa don ban ruwa da cire ciyawa.

Bulo da aka jera da kafofi yana daɗewa amma yana cin bulo da yawa kafin a samu faɗi da tsayin da ake so, ga ɗaukar zafi. Tsohuwar taya tana riƙe ruwa da duwatsu, ba ta hana akuya komai. Buhun leda yana tare iskar hunturu yana kuma ɓoye koren ganye, amma rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, dabbobi su haɗiye yagaggun ya zame musu ciwo. Akwai masu dama kashin awaki da ruwa su yayyafa wa ganyen, yana korarsu na ɗan lokaci, ruwan sama ɗaya ya wanke shi, sabon toho kuma ba shi da kariya.

Kula da shi da lokacin cirewa

Kejin kara da ƙaya shekara ɗaya yake yi. Gara tana cin ƙasan karan da sandunan, ƙayar tana bushewa ta karye, wani lokacin ma a zare ta a kai murhu. Lokacin gyara shi ne da kaka kafin a saki dabbobi, sai kuma a sake dubawa a farkon bazara. Gwajin mai sauƙi ne, a dafa saman sandar a girgiza, in ta yi motsi to akuya ma za ta iya. In an ga gara ta fara gini a jikin karan a kankare, a sauya wanda ya ciwu tun ba ta gangara kan dashen ba.

Ba a ƙirga lokacin cirewa da shekara, bishiyar ake dubawa. Sai kanta ya wuce mita 2, ɓawon gindin ya yi kauri da kaushi, an kuma datse rassan ƙasa. Zogale yana kaiwa wannan tsayin a damina ɗaya amma ɓawonsa yana nan da laushi, dogon yaro kamar shekara biyu in yana samun ruwa, mangwaro ya kan kai uku ko fiye, tsamiya da kuka sun fi haka jinkiri. In rassa sun cika kejin kafin lokaci, faɗaɗa shi ake yi a ƙara masa tsayi. Bayan an cire babban kejin ma ana naɗe gindin da raga ko ƙaya har tsayin ƙirji na wata shekarar, a sassauta ɗaurin don kada waya ta nutse cikin ɓawon yayin da itacen yake kauri. Duk wannan ma'aunin na awaki ne da tumaki da kaji, a bakin burtali inda shanu da raƙuma suke wucewa sai an ƙara faɗi da tsayi da kaurin sanduna, ko a killace filin gaba ɗaya.